Lahadi a Garwa: lissafin ajiye aiki

Da sassafe na tafi kasuwar Pitowa na sayi masara buhu goma sha biyu, kuma a kan hanyar dawowa na riƙa jin cewa lokaci ya yi da zan ajiye aikin albashi, domin shekara huɗu ke nan ina sayen hatsi da kaka ina sayarwa da damina, kuma cinikin yana ƙaruwa. Bayan la'asar na biya gidan Kawu, wanda ya tsufa a wannan sana'a, na gaya masa cewa ribar bara ta kai sefa 2,520,000, wato 210,000 a kowane wata, alhali albashina 185,000 ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, a cikin watan Janairu nawa ya shigo hannunka?" Na ce masa, "Kawu, sai na duba littafi." Ya ce in je in duba, in kuma duba abin da gidana yake ci, kafin in rubuta wa kowa takarda.

Bayan isha'i na zauna da uwargida da littafin shago, muka fara da gida. Abinci yana cin 85,000 a wata, haya 35,000, wuta da ruwa 12,000, man babur da kuɗin waya 15,000, sai 13,000 da nake aika wa mahaifiyata a Gidar, jimilla 160,000. A nan na saba tsayawa, amma uwargida ta tuna mini da abubuwan da ba sa zuwa kowane wata: kuɗin makarantar yara a Satumba 210,000, hidimar Sallah biyu da ragon layya 150,000, magani da asibiti kusan 120,000 a shekara. Idan aka raba wannan 480,000 a kan wata goma sha biyu, kowane wata ya ɗauki 40,000, ke nan gidan nan yana buƙatar 200,000. Ashe tun tuni albashin ya daina riƙe mu shi kaɗai, kasuwancin ne yake cike giɓin ba tare da na lura ba.

Daga nan muka koma kan ribar da nake taƙama da ita. A cikin 2,520,000 ɗin akwai bashin 380,000 da yake hannun masu gidajen abinci da 'yan uwa, na rubuta shi a matsayin riba alhali bai shigo ba, kuma wani daga ciki ya haura wata takwas. Da na cire shi saura 2,140,000, kusan 178,000 a wata, wanda bai kai abin da gida yake ci ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne yadda kuɗin yake zuwa. Daga Oktoba zuwa Afrilu, wata bakwai cur, jarin yana kwance a cikin buhuna, sai ɗan cinikin awo da ƙanena yake yi a shago, wanda ribarsa ba ta wuce 70,000 a wata. Sauran 1,650,000 duk a tsakanin Mayu da Satumba suke shigowa, lokacin da rumbunan mutane suka yi ƙasa farashi ya tashi. Wannan ita ce amsar tambayar Kawu: a Janairu 70,000 ne ya shigo, ba 210,000 ba.

Na sha jin ana cewa mutum ya tara albashin wata uku ko wata shida kafin ya bar aiki, amma ni ban ga yadda wannan ma'auni ya dace da mai sana'ar hatsi ba, domin abin da ya kamata a auna shi ne giɓin da yake tsakanin buƙatar gida da abin da sana'ar take bayarwa a watannin da ta fi rauni. Nawa giɓin 130,000 ne a wata. A shekarar da komai ya tafi daidai, wata bakwai za su ci 910,000. Sai dai akwai shekarar da farashi ba ya tashi, ko don an yi yabanya mai kyau ko'ina, ko don masu saye daga Najeriya sun ja baya saboda faɗuwar naira, kuma a irin wannan shekara mutum yakan sayar da buhu kusan yadda ya saye shi, bayan ya biya hayar sito da maganin ƙwari. Idan haka ta faru giɓin zai ɗauki wata goma sha biyu, wato 1,560,000. Na ƙara 300,000 saboda rashin lafiyar da take kwantar da mutum a asibiti, domin maleriyar damina ba ta neman izini. Ajiyar da nake buƙata ke nan 1,860,000, kuma abin da nake da shi a gefe yau 640,000 ne kawai.

Wannan kuɗi ba jari ba ne, kuma ba zan yarda ya shiga buhu ba ko da masara ta yi arha a Pitowa. Wanda ya haɗa ajiyar gida da jari, shi ne yake sayar da hatsinsa a Fabrairu da asara don ya biya haya, har ya zamana ya cinye ribar da zai samu a Yuli tun kafin ta zo. Ba zan sa shi a adashi ba ma, tun da adashi sai kwasarka ta zo, ciwo kuma ba ya jiran kwasa. Asusu daban zan buɗe masa, uwargida ta san adadin da yake ciki.

Akwai kuma maganar CNPS, hukumar fanshon ma'aikata ta Kamaru, wadda masu barin aiki da yawa ba sa tunawa da ita sai sun tsufa. Kafin a ba mutum fansho na wata-wata yana da shekara 60, dole ya cika wata 180 na biyan gudummawa, kuma wata 60 daga ciki su faɗo a shekara goman ƙarshe. Wanda bai cika 180 ba, kuɗi ake ba shi sau ɗaya a sallame shi. Takarduna sun nuna wata 166, saura 14. Tun 2014 an buɗe wa masu sana'ar kansu hanyar biya da kansu, kashi 8.4 cikin ɗari na kuɗin shigar da mutum ya bayyana, amma yanzu ni 4.2 kaɗai ake cirewa a albashina, kamfani yana biyan sauran. Shekarata 44, saboda haka ko na cika 180 sai na ci gaba da biya da kaina, kuma idan na bayyana 100,000 zai zama 8,400 a wata, wanda dole ya shiga lissafin gida. Haka kuma wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da kuɗin sallamar da ake ba wanda aka kora, don haka ban sa ran ko sisi daga can ba.

Idan na riƙa ware 90,000 kowane wata, a wata 14 zan tara 1,260,000, ajiyar ta kai 1,900,000, daidai lokacin da watannin CNPS suke cika. Amma wannan zai faɗo a Janairun shekarar da take bin baɗi, tsakiyar watannin da sana'ar ba ta kawo komai, kuma babu hikima a bar albashi a lokacin. Zan ba da sanarwar wata biyu da yarjejeniyar aikina ta tanada a ƙarshen Fabrairu, in fita a ƙarshen Afrilu, ana gab da fara sayarwa. Na kafa wa kaina sharaɗi ɗaya kuma: ribar da ta shigo hannu a baɗi, ban da bashi, ta kai 2,400,000. Idan ba ta kai ba zan ƙara shekara guda a ofis, ko da zuciyata ba ta so, kuma Allah ya san ba ta so, domin kowace kasuwar ƙauye da take ci ina zaune a bayan tebur ina jin ta a raina.

Gobe in sha Allahu, bayan an tashi daga aiki, zan fara bin bashin nan, daga mai gidan abincin Yalwa da take riƙe da 95,000 tun watan Maris.