Sai Yatsa Ya Sauka a Kan Layi

Ɗaki biyu ne da rumfa a unguwar Zango, nan Damagaram, inda nake karɓar yara bayan an tashi daga lakol. Ni da malamai biyu muke aikin. Yawancin yaranmu ƴan ajin ƙarshe ne na firamare, sai kaɗan masu shirin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Iyaye suna biya a ƙarshen wata, daga ciki ake fitar da haya, da wuta, da alli, da kuɗin malamai, da kuɗin fotokopi wanda shi ne ya fi cin aljihuna. Yana ci ne saboda wata doka da na kafa wa kaina: duk darasin fahimtar karatu, nassi da tambayoyinsa a fuska ɗaya ta takarda za su zauna, kuma kowane yaro da tasa.

Wuya ce ta koya mini wannan dokar. Akwai lokacin da na kai aiki wani shagon fotokopi, mai shagon ya ce zai rage mini kuɗi in ya buga gaba da baya, nassi a gaba, tambayoyi a baya. Na yarda. Ran da muka raba takardun na zauna ina kallon yaran. Kowa ya karanta nassin sau ɗaya, ya juya, daga nan ba wanda ya sake juyowa sai ƴan mata biyu. Sauran duk da ka suka amsa. Da na zo gyara, amsoshin ba na shirme ba ne, suna da ma'ana, sai dai ba abin da ke cikin takardar ba ne. Tun daga ranar nake zaɓen nassin da bai wuce layi 15 ba, in sa lamba a gefen kowane layi, tambayoyi huɗu ko biyar a ƙasa. Gaban kowace tambaya akwai wurin amsa, akwai kuma ɗan gurbi da yaro zai rubuta lambar layin da ya samo ta.

Ga wani gajeren nassi da na rubuta da kaina don sababbin shiga. Da Faransanci muke yinsa, tunda da shi za su zauna jarrabawa, amma ga shi da Hausa. Layi na 1: da asuba Hadiza da ƙanenta Sani suka ɗora jarka shida a kan amalanke. Na 2: famfon unguwa ba shi da nisa, kuma ran nan ba cunkoso. Na 3: suka cika jarkokin kafin rana ta fito. Na 4: a hanyar komawa taya ta yi faci kusa da masallaci. Na 5: shi ya tsaya gadin kaya, ita ta ruga neman mai gyara. Na 6: da ta isa lakol ta tarar an rufe ƙofa, ta zauna a gindin dogon yaro tana share ido da bakin hijabi.

Tambayar farko, jarka nawa suka ɗora, ba ta ba kowa wahala. Yatsa a layi na 1, shi ke nan.

Ta biyu ce nake jira kullum: me ya sa Hadiza ta makara zuwa lakol? Duk wanda ya tashi a garin nan ya san wahalar ruwa, ya san tsayuwar jira a bakin famfo lokacin bazara. Saboda haka da yawa sai su rubuta cewa mutane ne suka yi yawa a famfo. Ba na cewa sun faɗi. Nakan tsaya kusa da yaron in ce, "Ɗana, ɗora mini yatsa a inda aka faɗi haka." Zai bi layukan a hankali, ya zo na 2, ya tsaya. Wani yaro ya taɓa ɗago kai ya ce, "Mushe, ai nan cewa aka yi ba cunkoso." Na ce to, ci gaba. Da ya kai na 4 sai na ga yatsan ya danne takardar, ya ja bik ya soke amsarsa ta farko da kansa. Abin da ya sani game da famfo gaskiya ne, amma famfon unguwarsu ne, ba na Hadiza ba. Wannan rarrabewar ita ce rabin aikin da iyaye ke biyana dominsa.

Akwai kuma masu kamun kalma. Su ba sa amsawa da ka, suna duba nassin, sai dai ido ne ke dubawa ba hankali ba. In tambaya tana da kalmar "lakol", sai su nemi layin da kalmar take, su kwafe shi ɗungurungum. Ga tambayar makara sai ka ga an juye maka layi na 6 tun daga farko har hijabi. Alamar mai wannan ciwo a bayyane take: amsarsa doguwa ce, rubutun ba kuskure ko ɗaya domin kwafi ne, kuma ba ta taɓa abin da aka tambaya ba. Maganin da na samu shi ne in hana shi rubutu tukuna. Ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suke hujja kawai, kada su wuce biyar ko shida, ya rufe takardar da tafin hannu, ya faɗa mini amsar da bakinsa. In ya kasa faɗa, bai gane ba.

Tambaya ta uku, wa ya tsaya gadin kaya, tana buƙatar yatsa biyu. Layi na 5 bai ambaci suna ba, "shi" kawai ya ce. Sai an koma layi na 1 a ga cewa namiji ɗaya ne a labarin. A Faransanci nan ne yara suka fi zamewa, musamman in mutane biyun jinsinsu ɗaya. Shi ya sa nake sa su zana kibiya daga wakilin suna zuwa mai sunan, kuma a gurbin hujja su rubuta 1 da 5, ba 5 kaɗai ba.

Ta huɗu: yaya Hadiza ta ji da ta tarar an rufe ƙofa? Babu inda aka rubuta baƙin ciki. Amma akwai share ido, kuma yaron da ya ce ta ji zafi a ranta ya nuna wannan wurin, na ba shi makinsa cikakke. Wanda ya ce tsoron dukan mahaifinta take yi, zan tambaye shi ina mahaifin yake a cikin layukan shida. Wani lokaci nakan saka tambayar da ba ta da amsa sam, kamar a wane aji Hadiza take, bayan na gargaɗe su cewa irinta na iya zuwa. Ranar da yaro ya iya rubuta "nassin bai faɗa ba" ba tare da fargaba ba, ranar nake sanin ya kama hanya.

Hanyar tana da iyaka, kuma ina faɗa wa iyaye tun ranar rajista. Yaron da har yanzu yake haɗa baƙi da wasali da ƙyar, nuna layi ba zai yi masa komai ba, domin kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Irinsu muna ware su a rumfa, su yi karatu da murya tukuna. Sannan a ɗakin jarrabawa ba lalle su samu lambobi a gefen layi ba, don haka in lokaci ya matso nakan cire lambobin, su koyi sa ƴar alama da fensir da kansu.

Makin kuwa raba shi nake yi biyu, rabi na amsa, rabi na hujja. Wani uba ya zo mini da takardar ɗansa a hannu, ransa a ɓace, ya ce yaro ya amsa daidai an ba shi rabi. Na shimfiɗa masa tabarma, na ce, "Alhaji, a kira shi ya nuna mana inda ya gani." Yaron ya zo, ya duba sama ya duba ƙasa, daga baya ya ce maƙwabcinsa ne ya raɗa masa. Alhaji ya yi shiru, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce in ƙara masa wasu guda uku ya tafi da su gida.