Abin da rubuta wa manya jawabi ya koya mini game da tsawon jimla

Darasi mafi girma a aikin nan shi ne, numfashin mai karantawa ake auna jimla da shi. Mutum a tsaye gaban lasifika yakan iya kalma 12 zuwa 15 a numfashi ɗaya cikin natsuwa. In jimla ta wuce haka ba wurin tsayawa, zai tsaya inda iska ta ƙare masa, ko da tsakiyar magana ne.

Ga irin abin da ake kawowa daga ofis: "Duba da irin wahalar da al'ummar wannan yanki suka daɗe suna sha wajen neman ruwa, musamman mata da yara waɗanda ke tafiya mai nisa kullum, tare da la'akari da koke-koken da masu unguwanni suka gabatar, wannan gwamnati ta ga ya dace ta haƙa rijiyar burtsatse." Kalma 45 ke nan, kuma rijiyar da aka taru dominta sai a kalma ta 44 ta fito. Mai karatu zai iya komawa baya ya duba, mai sauraro kuwa ba shi da wannan damar. Ga shi muryar Bahaushe sauka take yi a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta, don haka muhimmiyar kalmar takan faɗo inda murya ta riga ta yi ƙasa.

Gyaran shi ne a fara da aikin: "Mun haƙa muku rijiya. Mun san wahalar da kuke sha, mun ga mata da yara da jarka a ka tun da asuba. Masu unguwanni sun kawo kuka, mun ji." Kalma 4, sai 18 mai wurin numfashi bayan ta shida, sai 7. Da gangan aka bambanta tsawonsu, domin gajerun jimloli zalla a jere sukan koma kamar kiran sunaye a aji. Doguwar ce ke ɗaukar bayani, gajerar kuma ke ba jama'a wurin tafi.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne shugaban da zai karɓi gyararren jawabi ya mayar da "duba da" da "kasancewar", wai sai da su magana ke yin nauyi. Ranar taro kuma maigida ya sarƙe, laifin ya dawo kan marubuci.

A kula da korewa. "Ba" ta farko da ta ƙarshe kada su yi nisa da juna. In kalma 20 ta shiga tsakaninsu, mai karantawa kan manta ta biyun, jimlar ta tsaya a rataye.

Adadi ɗaya a jimla ɗaya, a rubuta shi da kalmomi yadda za a furta. Kafin a miƙa takarda, a karanta ta da ƙarfi a tsaye, da agogo, a ja layi duk inda aka ja numfashi. Layin da ya faɗo inda babu waƙafi ko aya, nan ne za a raba jimlar. In a fili za a yi taron, a ƙara gajarta su, saboda amsa-kuwwar lasifika na cinye kalmomin ƙarshe.