Takardu Uku da Muke Aikin Sola da Su

Kamfaninmu ƙarami ne, muna haɗa wutar sola a gidaje da shaguna a Kano da kewaye, kuma kowane aiki da muka karɓa yana bi ta kan takardu uku waɗanda muka tsara tun tuni, muke buga su da yawa muna ajiyewa: takardar karɓar aiki, takardar ranar haɗawa, da takardar miƙa aiki. Kowacce shafi ɗaya ce tak, domin ma'aikacin da ke kan rufin kwano da tsakar rana ba zai tsaya buɗe shafuka ba.

Ta farko ita ce ta fi ɗaukar hankalina, saboda yawancin rigimar da ke tashi bayan an gama aiki daga nan take samo asali. Mai gida yakan ce, "Fitila da fanka kawai nake so," alhali a ransa ya haɗa har da firji. Shi ya sa muka riga muka rubuta sunayen kayan wuta a takardar, da gurbin yawansu, da ƙarfin kowanne a wat, da awannin da yake aiki da rana da kuma da dare, ta yadda ma'aikaci zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, yana kuma duba lambar da ke jikin kayan da idonsa. Dutsen guga, da hita, da injin jawo ruwa suna da layi na musamman, domin su ne mutane suka fi mantawa, su ne kuma suke kashe infata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke aiki da ita.

Ga yadda ta yi aiki a wani kantin magani. Firji mai wat 150, wanda injinsa ke tashi kimanin awa 10 a yini, ya ba da wat-awa 1,500, wato wat sau awa. Fanka biyu masu wat 70 na awa 10 sun ba da 1,400, sai ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa 6 suka ba da 360. Jimilla ta kama wat-awa 3,260. A ƙasan takardar an riga an buga ƙa'idarmu: a ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda wutar da ke salwanta a waya da batir da infata, sannan a raba da awa 5 na rana mai ƙarfi. Hakan ya kai mu kusan wat 850, wato farantin sola guda biyu masu wat 450. Akwai kuma tunatarwa cewa firji yana fizgar ninkin wutarsa sau da dama a lokacin da yake tashi, don haka ba a zaɓar infata da lambar 150 ɗin nan. Lissafin da a da yake cin yini ana kai da komo, yanzu a zama ɗaya ake gama shi, mai kanti ya ga farashi, ya sa hannu a kan jerin kayan, ya biya kafin alƙalami.

Takardar ranar haɗawa gajera ce, kuma gefe biyu gare ta. Gefe ɗaya kayan da za a loda ne kafin a bar shago, har da ƙananan abubuwa irin su fis da kusoshi, waɗanda rashinsu ke mayar da mutum kasuwar Sabon Gari a tsakiyar aiki. Ɗaya gefen kuwa matakai ne a jere: faranti ya fuskanci kudu da ɗan karkata yadda ruwa zai wanke shi, a haɗa batir da na'urar caji kafin a haɗa faranti, a auna wuta da mita a rubuta lambar. Na nace a kan rubuta lamba, domin alamar "an yi" kowa yana iya zana ta ba tare da ya duba ba.

A wajen miƙa aiki, muna kunna duk kayan da ke takarda ta farko a gaban mai shi, mu rubuta lambobin batir da infata saboda garanti, mu nuna masa yadda zai riƙa goge ƙurar hunturu daga faranti, da yadda zai duba ruwan batir idan mai ruwa ne. Daga nan sai ya karɓi rasit da kwafin jerin kayan da ya sa wa hannu. Idan bayan wata biyu ya kira yana cewa batir ba ya kai asuba, abin da muke fara yi shi ne kwatanta abin da ke jone a yanzu da wancan jerin, kuma sau da yawa a nan ake tarar da sabon firiza da aka sayo daga baya.

Takardun ba sa auna inuwar bishiya ko ƙarfin rufi, wannan sai idon wanda ya ƙware. Ba kuma kowace matsala ce take samun layi ba: sai ta maimaitu a aiki fiye da ɗaya muke ƙara ta, kuma idan shafin ya cika, dole wani layin da ba ya hana komai lalacewa ya fita.