Yadda Tambarin Makarantarmu Ya Dusashe a Jikin Bana

Lokacin da aka ɗora mini nauyin buga babban kyallen sanarwa, wato bana, domin walimar saukar Alƙur'ani ta makarantar Islamiyyar unguwarmu, na nemi tambarin makarantar a wurin sakatare, shi kuwa ya turo mini ta WhatsApp. Na duba shi a wayata na ga ya fito tas, har ƙananan rubutun da ke zagaye da hoton allo da tawada ana karanta su. Na ajiye shi, na kai wa mai bugawa, na ce a yi bana mai faɗin ƙafa 10, tambarin kuma ya ci ƙafa 3. Mai shagon ya ce mini, "Malam, wannan hoton ya yi ƙarami," amma da yake ina gaggawa, kuma idona ya riga ya gamsu da abin da na gani a waya, sai na ce ya buga haka nan. Da aka warware banar, sunayen ɗalibai da aka rubuta a kwamfutarsa sun fito sarai, tambarin kuwa ya yi dishi-dishi, gefen haruffansa ya zama kamar matakalar bene.

Da na koma shagon ne ya zaunar da ni ya nuna mini lissafin. Kowane hoto irin na waya an gina shi da ƙananan ɗigogi masu kusurwa huɗu da ake kira fiksel, kowanne da launi ɗaya, kuma adadinsu a ƙayyade yake tun ranar da aka ajiye hoton. Ya buɗe bayanan tambarin, muka ga faɗinsa fiksel 480 ne kacal. Ƙafa 3 inci 36 ke nan, idan kuwa aka raba 480 gida 36, kowane inci zai samu fiksel 13 da 'yan kai. Ma'ana, kowane ɗigo ya kumbura ya kusan kai milimita 2, kwatankwacin ƙwayar gero, girman da ido ke ganinsa ba tare da wahala ba. A fuskar waya kuwa, inda ake cusa ɗaruruwan fiksel a inci guda, waɗannan ɗigogi 480 ɗin ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, shi ya sa suka yaudare ni.

Ya ce takardar da za a riƙe a hannu ana son ta samu kimanin fiksel 300 a inci, banar da za a kalla daga 'yar tazara kuma 100 ya wadatar, har ƙasa da haka idan can sama za a rataye ta. To ko a kan 100 ɗin, tambarina na buƙatar fiksel 3,600 a faɗi, ni kuwa na kawo 480.

Da na bi diddigi, sai na gano sakataren ma ba asalin tambarin ya turo mini ba. Hoton fuskar wayarsa ya ɗauka daga wata tsohuwar takardar gayyata, ya yanko tambarin. Bayan haka manhajar WhatsApp tana rage girman hoto ta matse shi idan an tura shi a matsayin hoto, domin ya yi saurin tafiya kuma kada ya cinye data, kuma matsin JPG, wato nau'in fayil ɗin hoton, shi ne ke barin wani datti-datti a gefen haruffa. Na tambayi ko ba za a iya ƙara lambar a kwamfuta ta koma 3,600 ba. Za a iya, amma kwamfutar ƙirƙiro ɗigogi kawai za ta yi ta hanyar cakuɗa launukan maƙwabta, matakalar ta ɓace, dusashewar ta ƙaru, domin wasalin da ya riga ya narke ba ya dawowa.

Abin da ya fisshe mu shi ne sake zana tambarin a manhajar zane ta CorelDRAW, a matsayin zanen layuka wanda masu sana'ar ke kira bekta. Irin wannan zane ba ɗigogi yake ajiyewa ba, umarni yake ajiyewa na inda layi ya fara, yadda ya lanƙwasa da launin da ya cika shi, saboda haka ko a katin shaida ko a bangon gini kaifinsa ɗaya ne. Na biya kuɗin zane da na bugu karo na biyu daga aljihuna, kuma ban ga wanda zan zarga ba.

Yanzu tambarin yana ajiye a wurina a nau'o'in fayil na CDR da SVG da PDF, masu iya riƙe zanen bekta, kuma idan zan tura shi ta WhatsApp nakan zaɓi Document, domin ta nan fayil ke isa yadda yake. Ko PDF aka ba ni sai na zuƙo shi sosai na duba gefen harafi, tunda ana iya saka ƙaramin hoto a cikinsa. Kafin kowane babban bugu kuma nakan sa a fitar mini da wani yanki na tambarin a takardar A4 da ainihin girman da zai fito, in liƙa a bango, in ja da baya zuwa inda baƙi za su zauna in duba.