Bayan hoton da ka goge ka ajiye a JPEG ba ya dawowa

Ƙannena da ke koyon gyaran hoto a shagunan kwamfuta na ƙauyukanmu, ko a waya, tambayar da kuka fi yi mini ita ce: an cire bayan hoto an mayar da shi fari, yanzu mai hoton yana son bayan ya dawo, wane maɓalli za a danna? Idan abin da ya rage a hannunka JPEG ɗin nan ne kaɗai, babu maɓallin, kuma babu manhajar da za ka sauke ta yi maka. Ni da asarar wani na koyi wannan, shi ya sa nake son ku san dalilin tun kafin ku faɗa ciki.

Shagona yana bakin kasuwar wani gari a ƙasar Ringim. Wani dattijo ya zo, na ɗauke shi hoto a ƙofar zaurensa, irin tsohon ginin ƙasar nan mai zayyana a fuska da zankwaye a sama. Abin da yake so shi ne a cire bayan a sa fari, don a yi masa kalanda. Na buɗe hoton a Photoshop, na cire makullin da ke jikin leyar Background, wato shimfiɗar da hoton ke kanta, na zagaye jikinsa, na juya zaɓin ya koma kan zauren, na danna Delete. Na yi Flatten Image, sannan na danna Ctrl+S. Da yake hoton da na buɗe JPEG ne, kuma na haɗe shi ya koma leya ɗaya, sai sabon ya hau kan tsohon da sunansa. Katin memorin kuwa na share shi don aikin wani biki. Bayan rasuwar dattijon damina ta ci zauren, aka rushe aka yi na bulo. Sai ga babban ɗansa ya zo ya ce, "Malam, hoton Baba muke so kamar yadda aka ɗauka, da zauren a bayansa." Na ce masa ya dawo ranar kasuwa mai zuwa, don a lokacin na ɗauka zauren yana nan lulluɓe a ƙarƙashin farin.

Wannan zaton shi ne tushen rikicin. Mutum yana ganin fari sai ya ɗauka an shafa fenti ne a kan wani abu, da an kankare za a gan shi. Hoto a kwamfuta ɗigo-ɗigo ne. Hoton da faɗinsa ɗigo 3000 ne tsayinsa 2000 yana da ɗigo miliyan 6, kuma kowane ɗigo lambobi uku ne ke faɗin launinsa: na ja, na kore, na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Ɗigon bangon ƙasa zai iya zama 150, 110, 80. Fari tas kuwa 255, 255, 255 ne. Lokacin da na haɗe leyoyin, Photoshop ta cike duk wurin da ya zama wayam da fari, wato kowane ɗigo na zauren aka ba shi 255, 255, 255. Ɗigon da ke da zayyana da wanda ke da ƙyauren ƙofa da wanda ke da sararin sama duk sun zama lamba ɗaya. Daga 255 babu lissafin da zai gaya maka a da 150 ne ko 30 ne.

A cikin fayil mai leyoyi irin PSD, kowace leya tana riƙe da nata ɗigon daban, kuma kowane ɗigo yana da ƙarin bayani na huɗu, wanda ke faɗin ko ana gani ta cikinsa ko ba a gani. Shi ne ke sa ka ga ƙananan murabba'an nan fari da toka-toka bayan ka goge wani wuri. JPEG ba shi da gurbin wannan bayani, kuma ba shi da gurbin leya ta biyu. Tsari ne da aka fito da shi a 1992 don rage nauyin hotunan kyamara, shimfiɗa ɗaya ce tal. Saboda haka kafin manhaja ta rubuta JPEG dole ta yanke wa kowane ɗigo launi guda, ko kai ka danna Flatten Image ko ba ka danna ba.

Akwai abin da yawancinku ba ku rarrabewa. Asara biyu ce a nan, kuma ba lokaci ɗaya suke faruwa ba. Ta farko ta faru ne tun da na danna Delete. Ko da a PSD na ajiye aikin, in dai na rufe fayil ɗin, zauren ya tafi, domin PSD yana ajiye abin da ke kan leya ne, ba abin da ya taɓa zama a kanta ba. Abin da ke riƙe da tsohon zauren bayan gogewar shi ne History, wanda Ctrl+Z ke komawa ta cikinsa, shi kuwa rayuwarsa iyakar lokacin da fayil ɗin ke buɗe ne. Da ka rufe, ko man janareta ya ƙare kwamfutar ta mutu, ya tafi ke nan. Asara ta biyu ita ce ta haɗe leyoyi: da ita ne ka rasa sanin inda mutum ya ƙare da inda fari ya fara.

Wannan ta biyun tana cizo ko da ba tsohon bayan ake nema ba, a ce shuɗi kawai ake so a maimakon fari. Gefen mutum a hoto ba yankan reza ba ne. A bakin gemu, ko gefen rawani, ɗigon da aka zagaye rabinsa na mutum ne rabinsa wayam. A ce ɗigon gemu mai duhu lambarsa 40, kuma rabi ake ganinsa. Da aka haɗe shi da fari sai a ɗauki rabin 40 da rabin 255, a sami wajen 148, a rubuta wannan kaɗai. Yanzu 148 ɗin nan ba ka san ko furfura ce ta gaske ko baƙin gashi ne da ya sha fari ba, kamar furar da aka riga aka dama da nono. Shi ya sa idan ka sake cire farin ka ɗora mutumin a kan baya mai duhu, sai ka ga wani siririn farin zare ya zagaye shi. A kan haka JPEG ya ƙara nasa: yana yanka hoton gida-gida, ɗigo 8 a faɗi 8 a tsayi, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya saurin kamawa. Inda duhu ya haɗu da fari a gida ɗaya sai ya bar dusar datti a gefe. Duk sanda ka gyara ka sake ajiyewa a JPEG, ana sake wannan zubarwar.

Idan aka kawo maka irin wannan hoton, kafin ka yi wa kowa alkawari ka gwada shi. Buɗe shi, danna F8 don Info ya fito, ka yawata linzami a kan farin. In ko'ina lambobin 255 ne ba sa motsi, babu komai a wurin. Sannan danna Ctrl+L, ka ja maɓallin tsakiya na Levels har hoton ya yi duhu sosai. Wani lokaci abin da ake kira fari haske ne kawai ya yi yawa a kyamara, to a nan za ka ga inuwar bango ko bishiya ta fara fitowa, kuma ana iya ceto kaɗan. Na dattijon nan da na yi masa haka, jikinsa ya yi baƙi ƙirin, bayan ya tsaya fari fat, sai 'yar dusar nan a gefen babbar rigarsa. Nauyin fayil ɗin ma shaida ne, don ya ragu sosai idan aka kwatanta da sauran hotunan da kyamarar ke ɗauka, saboda fili mai launi ɗaya kusan ba ya cin wuri.

Dabarun da za a ba ku a majalisa duk na san su. Canza ƙarshen sunan fayil daga .jpg zuwa .psd ba ya haifar da leya, sai ma Photoshop ta ƙi buɗe shi. Buɗe JPEG ɗin a sake ajiye shi a PSD zai ba ka leya ɗaya mai farin baya. Content-Aware Fill kuwa yana kwafo abin da ke kusa ne ya cike gurbi, ƙirƙira yake yi. Ko da ya yi maka bango, ba bangon gidan mutumin nan ba ne, kuma iyalinsa sun san kowace zayyana da ke jikin zaurensu. Ban ga dacewar a miƙa wa mutane ƙirƙirarren gida a ce musu na mahaifinsu ne ba.

Yadda nake aiki yanzu ba shi da wahala. Hoton asali yana cikin foldarsa, ba na taɓa shi, kwafinsa nake buɗewa. Ba na goge baya da Delete ko Eraser. Ina zagaye mutumin, sai in danna Add layer mask a ƙasan jerin leyoyi. Wannan abin rufi ne, yana ɓoye bayan ne kawai: inda ka shafa baƙi a jikinsa ya ɓuya, inda ka shafa fari ya fito, ɗigon hoton kuwa suna nan yadda suke. Farin bayan sai in yi shi a wata leya daban a ƙarƙashi. Ka riƙe Shift ka danna kan abin rufin, nan take za ka ga bayan ya dawo. Amma ku kiyayi Apply Layer Mask, don shi gogewa ce ta dindindin, daidai da Delete. Daga nan in ajiye PSD tukuna, sannan in fitar da JPEG da wani suna daban don bugawa. Masu GIMP nasu fayil ɗin leyoyin XCF ne. Masu aiki a waya kuma su duba, manhajar tana bambanta ajiye aikin kansa da fitar da hoto, to a yi duka biyun. PNG yana riƙe wurin da ba komai, don haka ya fi JPEG idan mutumin da aka yanko za a sake ɗora shi a wani wuri, amma shi ma ba ya riƙe leyoyi, balle abin da aka goge.

In kuwa an riga an yi ɓarnar, daina wahala da JPEG ɗin, ka nemi wani kwafin na asali. Duba Recycle Bin, duba wayar mai hoton da ta 'ya'yansa, duba ko an taɓa tura shi ta WhatsApp kafin gyara, ko da ya rage masa kyau ya fi babu. Katin memori da aka share, in ba a ɗauki sababbin hotuna a kansa ba, manhaja irin PhotoRec kan iya tono tsohon fayil, don haka a cire shi daga kyamara nan take. Nawa katin hotunan biki sun riga sun hau kansa. Da ɗan dattijon ya dawo na gaya masa gaskiya, muka bi 'yan uwa, daga ƙarshe aka sami wani hoton suna a wayar ƙanwarsa wanda rabin zauren ya fito a ciki, ba tare da Baban ba. Shi na buga masa, aka sa a firam daban kusa da kalandar.