Abin da kejin sauro ya koya mini game da gadon tilas

A karatuna na ilimin ƙwari, babu fannin da ya sa na riƙa komawa kan lissafi kamar dabarar da ake kira jin-dirayib, wato tilasta wa wata ƙwayar gado ta bazu cikin al'ummar sauro, don a hana matan sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro haihuwa. Tushen abin ba shi da wuya. Kowane sauro yana da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma a bisa al'ada rabin 'ya'yansa ne kawai za su gaji kwafin da aka sauya. Idan sauyin yana cutar da sauron, cikin 'yan zuriyoyi zai ɓace. Gadon tilas yana karya wannan ƙa'ida. Ana dasa wa sauron almakashin CRISPR-Cas9 tare da jagoran da zai nuna masa inda zai yanka. A cikin ƙwayoyin da za su zama maniyyi ko ƙwai, almakashin yana yanke lafiyayyen kwafin, kuma da jiki ya zo gyara, sai ya kwaikwayi kwafin da aka sauya ya cike gurbin da shi. Ta haka ne fiye da kashi 95 cikin ɗari na 'ya'yan suke gadon sauyin maimakon rabi. Austin Burt na Imperial College da ke Landan ne ya kawo shawarar irin wannan tun 2003.

Darasin farko da ya zauna mini shi ne yadda sauro ke kuɓucewa. Ba kullum jiki ke gyara yankan ta hanyar kwafa ba. Wani lokaci sai ya liƙe bakin biyu kai tsaye, a garin haka wasu haruffan gado su ɓace ko su ƙaru. Idan ƙwayar ta ci gaba da aikinta duk da wannan ɗan sauyi, an samu matsala babba, domin jagoran ba zai sake gane wurin ba, almakashin ba zai sake yankawa ba, kuma macen da ke ɗauke da wannan kwafi tana haihuwa lafiya alhali 'yan uwanta sun zama bakararre. Haka ya faru da gwajin da aka wallafa a 2017, inda aka nufi wata ƙwayar haihuwar mace. Sauyin ya hau a zuriyoyin farko, sannan ya yi ta sauka, kafin zuriya ta 25 masu juriya sun mamaye kejin. Shi ya sa a wannan aiki ƙirga ƙwai kaɗai ba ya wadatarwa. Ana sa wa sauyin wata alama mai ƙyalli, a kowace zuriya a ƙirga tsutsotsin da ke ƙyalli a ƙarƙashin madubin likita, kuma da zarar adadinsu ya daina hawa sai a karanta haruffan wurin yankan a ga me ya canja.

Maganin da ɗakin binciken Andrea Crisanti na Imperial College ya fito da shi a 2018 ya burge ni ƙwarai. Sun nufi ƙwayar doublesex, wadda ke raba siffar namiji da ta mace, suka zaɓi wani yanki nata da mace kaɗai ke buƙata, wanda kuma kusan duk sauyin da ya same shi lalata shi yake yi. Macen da ta gaji kwafi biyu na sauyin ba ta iya cizo, ba ta yin ƙwai. Namiji kuwa lafiyarsa ƙalau, yana ta yaɗa sauyin. An fara kowane keji da sauro 600: mata 300 na asali, maza 150 na asali, da maza 150 masu ɗauke da sauyin. A keji ɗaya sauyin ya game kowa a zuriya ta 7, a ɗayan a ta 11, daga nan ƙwai suka ƙare baki ɗaya. A 2021 an samu irin wannan sakamako a manyan kejuna a Terni ta ƙasar Italiya, inda ake kwaikwayon fitowar rana da faɗuwarta.

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar yaro mai zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina ya san dalilin da wannan labari ke daɗaɗa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 597,000 ne cutar ta kashe a 2023, kusan kashi 30 cikin ɗari a Najeriya. Sauro yana ƙara jure maganin da ake sa wa gidan sauro, ita kuwa wannan dabara ba ta jiran motar rabon kaya ta isa ƙauye.

Amma a nan ne na koyi abin da ya fi kowane nauyi a wurina: abin da ya ba doublesex ƙarfi, shi ne kuma ya sa take da wuyar tsarewa. Wannan yanki iri ɗaya ne a Anopheles gambiae, jinsin sauron da aka nufa, da danginta na kusa kamar coluzzii da arabiensis, kuma waɗannan dangi sukan yi barbara da juna jifa-jifa. Ke nan sauyin zai iya tsallakawa daga jinsi zuwa jinsi. Idan ya tsallaka zuwa masu yaɗa cuta wannan riba ce gare mu, amma a cikin dangin akwai quadriannulatus, wadda jinin dabbobi ta fi sha kuma ba a ɗauke ta mai yaɗa cutar ga mutane ba. Sannan ga iska. Wani bincike a Mali da aka wallafa a 2019 ya kama sauro a sama, tsakanin mita 40 zuwa 290, kuma lissafi ya nuna iska za ta iya kai su har kilomita 300 a dare ɗaya. Abin da aka saki a ƙasa ɗaya zai iya sauka a maƙwabciyarta ba tare da an nemi izininta ba.

Tambayar da mutane suka fi yi mini ita ce me jemagu da kwaɗi za su ci. Wannan ba ta fi damuna ba. Jinsunan sauro sun kai kusan 3,500, waɗanda aka nufa 'yan kaɗan ne, kuma nazarin da aka tattara a 2019 bai sami wata dabbar da ta dogara ga gambiae kaɗai ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kududdufin da za a bari fanko. Tsutsar gambiae tana son ƙananan ruwaye da rana ke bugawa, kamar sawun kofaton shanu da ramukan bulo. Idan ta tafi, wa zai gaje wurin? Wannan sauyi ba ya taɓa funestus, wani jinsin sauro mai yaɗa cuta sosai, haka nan stephensi da aka gano a jihar Gombe a 2020. Saboda haka, a ganina, kafin a saki komai dole a shafe shekaru ana ƙirga jinsunan wuri, rani da damina, don a iya gane sauyi idan ya zo. A Sahil ma coluzzii tana ɓuya duk rani ta sake fitowa da ruwan fari, kuma keji ba ya nuna yadda sauyin zai yi da wannan dogon hutu.

Sakin sauron da aikin Target Malaria, mai binciken wannan dabara, ya yi a Burkina Faso ba na gadon tilas ba ne. A Yulin 2019 an saki bakararrun maza kusan 6,400 a ƙauyen Bana, a Agustan 2025 kuma aka saki wani nau'i mai haifar maza fiye da mata, duka biyun masu gushewa da kansu. Kwanaki kaɗan bayan na biyun gwamnatin ƙasar ta dakatar da aikin gaba ɗaya. Najeriya ta gyara dokar hukumar NBMA, mai sa ido kan fasahar sauya ƙwayoyin gado, a 2019 ta sa wannan dabara ƙarƙashin kulawarta, amma dokar ƙasa ɗaya ba ta isa ga sauron da ke bin iska ba. Ina goyon bayan a ci gaba da binciken, sai dai ina son gwajin farko a fili ya zo bayan ƙasashen da ke kan hanyar iskar sun amince a tare, da yarjejeniya a rubuce kan wanda zai sa ido da wanda zai ɗauki nauyi idan abin ya karkace.