Talata a Sakkwato: kundin da ya ƙi zama wuri ɗaya

Aikin yau a shago kundin kammala digiri ne na wata ɗaliba. Ta buga shi a kwamfutar gida, ta tura wa ƙanenta ya mayar da shi PDF a waya. Da ya fito, sai ga kan babi na uku yana reto a gindin shafi, ayoyin da ta kawo kuma sun sauya kama. Tambayarta ɗaya: "Malam, me PDF ya yi wa aikina?"

PDF ba shi da laifi. Fayil ɗin Word ba ya riƙe wurin zaman kowane layi. Abin da ke cikinsa umarni ne: salon haruffa kaza, girma kaza, takarda kaza. Duk na'urar da ta buɗe shi sai ta sake jera layukan da haruffan da take da su, PDF kuwa ya kama jerin yadda ya tarar. In babu salon da aka nema, sai ta ɗauko wani ta maye gurbinsa ba sallama. Tunda faɗi da tsawon haruffan ba ɗaya ba ne, kalma ɗaya ta gangara layi na gaba, layi ya tura sakin layi, har abin ya kai babi na biyar.

Nata kundin, ayoyin da Traditional Arabic aka buga su, wayar kuwa ba ta da shi. Ko a Windows 10 ba kowace kwamfuta ke zuwa da shi ba, sai an ƙara haruffan Larabci. Haka ma ƙ, ɗ da ɓ: salon da ba shi da su sai ya aro daga wani, su fito daban da 'yan'uwansu, wani lokacin har tsawon layin ya ƙaru. A Word na kwamfuta ana gane an yi musanya ta File > Options > Advanced, a danna Font Substitution, zai nuna salon da ya ɓace da wanda ya maye shi.

Na biyu girman takarda, wanda mutane ke rainawa. A4 tsawonta santimita 29.7, Letter kuwa 27.94. Da gefen santimita 2.54 sama da ƙasa, Times New Roman mai girma 12, tazara ninki biyu, A4 na ɗaukar layi 25, Letter 23. Layi biyu a kowane shafi, a kundi mai shafi 80 ya zama layi 160, kusan shafi bakwai ke nan. Fayil ɗinta a kan Letter yake, ga shi A4 za a buga. Aka gyara a Layout > Size kafin a taɓa komai.

Amma abin da ya fi ɓata aikin shi ne yadda ta raba babi-babi: ta yi ta danna Enter har kan babin ya faɗa sabon shafi. Da aka danna Ctrl+Shift+8 sai ga alamomin ¶ jere babu rubutu. Irin wannan rabon, layi ɗaya ya motsa a sama, komai ya rushe. Muka goge su. Ana iya sa Ctrl+Enter a ƙarshen kowane babi, amma ni na fi son a zaɓi kan babin, a shiga Paragraph > Line and Page Breaks, a kunna Page break before. Ko an ƙara rubutu gobe, babin na nan a sabon shafi. Ƙananan kanu kuma a ba su Keep with next, don kada a raba su da rubutun da ke binsu.

Sauran mai sauƙi ne. A yi PDF ɗin a kwamfutar da aka kammala aikin, ta File > Save As, ba a waya ba. Kafin nan a danna Ctrl+A sannan F9 don lambobin shafi na jerin abubuwan ciki su daidaita. In dole ne fayil ɗin Word ya je wata kwamfuta, a kunna Embed fonts in the file a File > Options > Save, sai dai akwai salon da lasisinsa ya hana a cusa shi cikin fayil, wannan sai a canza shi tun farko.

Kafin la'asar mun buɗe PDF ɗin a Adobe Reader, Ctrl+D, sashen Fonts: kowane salo da Embedded Subset a gabansa. Wurin bugawa kuma na ce a zaɓi Actual size, don Fit kan rage girman shafi ya taɓa gefen da sashen karatunsu ya ƙayyade.